Yanke Guntun Bidiyo a Waya Ba Tare da Hoto Ya Dushe Ba

Duk shekara bayan Sallah, wayoyin mutane kan cika da guntayen bidiyon Hawan Daushe da Hawan Nassarawa na Kano, ko Hawan Bariki na Katsina da Zariya. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya ɗauki hawan da wayarsa yana da bidiyo tangaram, ana ganin aikin zaren da ke jikin alkyabba, ana iya ƙirga kwalliyar da ke wuyan doki. Amma guntun minti ɗaya da ya yanko ya tura wa 'yan uwa, kafin ya isa hannu na uku fuskokin mahaya sun zama dishi-dishi, ƙurar da dawaki suka tayar ta koma wasu ƙananan murabba'ai masu rawa. Da yawa sukan ɗora wa wayar laifi, a ce ai kyamarar Tecno ce ko Infinix, ba ta kai ta masu tsada ba. Sau da yawa kyamarar ta yi aikinta. A wajen yanka da wajen turawa ne hoton ya lalace.

Dalili shi ne, iri biyu ne yankan bidiyo, ko da yake a fuskar waya kamarsu ɗaya. Duka biyun za a ja alama daga hagu, a ja wata daga dama, a danna maɓallin ajiyewa. Na farko yana kwaso bayanan da ke tsakanin alamomin nan biyu yadda suke, ya zuba su cikin sabon fayil bai taɓa ko ɗigo ɗaya ba. Na biyu kuwa yana buɗe bidiyon ne hoto bayan hoto, sannan ya sake matse shi daga farko. Bambancinsu kamar na wanda ya ciro shafi uku daga littafi ne da wanda ya kai littafin shago aka yi masa kwafin shafukan a inji: na farko rubutun asali ne a hannunsa, na biyu kuwa ko injin ya kai kyau sai baƙin ya ɗan sauya, in kuma aka yi kwafin kwafi sai ƙananan haruffa su fara cinyewa.

Kafin a gane abin da ya sa matsewa ke cin hoto, sai an san yadda waya ke ajiye bidiyo tun farko. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, galibi 30 a kowace daƙiƙa. A girman da ake rubutawa 1080p, kowane hoto yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan biyu. Da za a ajiye kowane hoto cikakke ba matsi, minti ɗaya kacal zai cinye kusan gigabait 11, wayar da ke da gigabait 64 ba za ta ɗauki minti shida ba. Amma a zahiri minti ɗaya na irin wannan bidiyo a yawancin wayoyin Android bai cika wuce megabait 130 ba. Abin da aka ajiye ke nan bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da kyamara ta gani ba.

Dabarar da ke yin wannan aiki tana da suna, kuma ana ganinsa a bayanan fayil: H.264, wadda aka fitar a 2003, da ƙanwarta H.265 ko HEVC ta 2013, wadda iPhone ta koma amfani da ita tun 2017. Abin da suke yi shi ne su ajiye cikakken hoto guda ɗaya, wanda manhajoji ke rubuta sunansa keyframe, sannan hotunan da ke biye da shi ba a ajiye su cikakku. Sai dai a rubuta abin da ya canza kawai: bango yana nan yadda yake, hannun mai magana ya ɗan matsa dama, bakinsa ya buɗe. Haka za a yi ta tafiya har a kai wani cikakken hoton, a sake ɗorawa daga nan. Ban da wannan, ana zubar da ƙananan bayanan da ake ganin ido ba zai lura da rashinsu ba, kamar siririn bambancin launi a cikin inuwa, ko ƙwayoyin yashi a ƙasa.

Abin da aka zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Idan manhaja ta buɗe bidiyon ta sake matse shi, tana aiki ne a kan hoton da tuni aka rage masa, ta ƙara zubar da nata kason. Bidiyon malami zaune a kan kujera yana tafsiri, kyamara a kafe, yakan jure wannan, domin abin da ke motsi kaɗan ne. Hawan dawaki, rawar biki, wasan ƙwallo ko dambe su suka fi shan wahala, saboda komai na motsi lokaci guda, ga ƙura, ga kyamara na girgiza a hannu. Bidiyon dare ma haka, wanda aka ɗauka a zauren biki da fitilu masu walƙiya.

A ɗauki misalin uban da ya je walimar saukar karatu a makarantar Islamiyya, ya kafa wayarsa ta ɗauki minti 40 a 1080p. Fayil ɗin zai kai kimanin gigabait 5.1, idan wayar tana zuba megabit 17 a daƙiƙa, wanda shi ne abin da wayoyin Android da yawa ke yi a wannan girma. Abin da yake so ya aika wa kakar yarinya shi ne wurin da 'yarsa ta tashi ta yi karatu, daga minti 22 da daƙiƙa 10 zuwa minti 25 da daƙiƙa 10. Minti uku ke nan cif.

Tun kafin ya taɓa komai, akwai lissafin da zai zame masa ma'auni. In minti 40 sun ci megabait 5,100, kowane minti yana cin kusan 128, minti uku kuma wajen 380. Duk hanyar da ya bi, in guntun da ya fito yana kusa da megabait 380, to bayanan suna nan. In ya ga megabait 45, an zubar da kusan kashi tara cikin goma, ko da bayanin fayil ɗin yana nan yana cewa 1080p. Wannan lamba ta 1080p yawan ɗigo kawai take faɗa, ba ta faɗin ko ɗigon suna ɗauke da hoto mai kyau ko sun cakuɗe. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Alama ta biyu ita ce lokaci. Yankan da ba ya taɓa hoto kwafin fayil ne kawai, don haka minti uku kan fito cikin 'yan daƙiƙu, wayar ba ta ko yi ɗumi ba. In kuwa aka ga lamba tana hawa a hankali, kashi 12, kashi 13, bayan wayar ya ɗau zafi, caji na sauka, to sake matsewa ake yi.

Wurin farawa shi ne manhajar hotuna da ta zo da wayar, domin ba sai an sauke komai ba. A iPhone ana buɗe bidiyon a Photos, a shiga Edit, a ja kibiyoyin da ke gefen zirin hotunan nan na ƙasa, sannan a zaɓi Save Video as New Clip don asalin ya tsaya yadda yake, sabon guntu ya fito daban. Tun daga iOS 13 na 2019, ko an danna Save Video asalin bai ɓace ba, ana iya dawo da shi da Revert. A Google Photos, wadda ke kan yawancin wayoyin Android, bayan an ja alamomin sai a danna Save copy. A Gallery ta Samsung ma akwai zaɓin ajiye kwafi, yana cikin ɗigo ukun nan na kusurwa. Manhajojin nan ba halinsu ɗaya ba, kuma kamfanoni na sauya su daga sabuntawa zuwa sabuntawa, shi ya sa lissafin girman fayil ya fi alƙawarin kowace manhaja amfani. A yanka, a buɗe bayanan sabon fayil, a duba megabait nawa ne.

Akwai sharaɗi guda da ya shafe su duka: yanka kawai za a yi. Da zarar an ƙara haske, an sa launi, an rage gefen hoto don a cire kan wani da ya shigo, ko an rubuta suna a kai, hoton kansa ya canza, kuma babu yadda za a ajiye canjin sai an sake matsewa. Wannan ba laifin manhaja ba ne, haka abin yake.

Da ƙyar a sami matashi mai sha'awar bidiyo da ba shi da CapCut ko InShot a wayarsa, kuma nan hannu ke fara zuwa in an ce a yanko wani wuri. Manhajoji ne masu kyau ga wanda zai haɗa guntaye, ya sa waƙa, ya sa rubutu. Amma an gina su ne don su sake ƙera bidiyo, saboda haka ko daƙiƙa biyu aka cire daga farko, Export zai sake matse dukan abin da ya rage. Ga mai son yanka tsantsa, shiga can ɗaukar asara ce ba dalili.

Hanyar da babu kokwanto a cikinta ita ce ta FFmpeg, wata manhaja ta kyauta da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, wadda manhajojin bidiyo da dama suka ginu a kanta ba tare da masu amfani da su sun sani ba. Ba ta da maɓallai, umarni ake rubuta mata. A Android ana samunta ta cikin Termux, wadda ake saukewa daga F-Droid. Baƙin allon Termux yakan tsorata mutum a ganin farko, alhali abin da ake buƙata layi huɗu ne, biyu daga ciki sau ɗaya ake yin su a rayuwar wayar:

```
termux-setup-storage
pkg install ffmpeg
```

Layin farko yana neman izinin shiga ma'ajiyar waya, na biyu yana sauko da manhajar. Daga nan sai a shiga inda kyamara ke ajiye bidiyo, a ba da umarnin yanka. Zai fi sauƙi a fara sauya wa dogon bidiyon suna zuwa gajere, kamar sauka.mp4, maimakon jerin lambobin da kyamara ke ba shi.

```
cd ~/storage/dcim/Camera
ffmpeg -ss 00:22:08 -i sauka.mp4 -t 00:03:04 -c copy yanki.mp4
```

Lambar da ke bayan `-ss` ita ce inda za a fara, ta bayan `-t` ita ce tsawon abin da za a ɗiba, `yanki.mp4` kuma sunan sabon fayil. Zuciyar umarnin ita ce `-c copy`, wadda ke cewa a kwafi hoto da sauti yadda suke. In aka manta da ita, FFmpeg ma za ta sake matsewa kamar kowa. Guntun da zai fito zai kai wajen megabait 390, don haka sai a tabbata akwai fili a wayar kafin a fara.

Mai lura zai ga an rubuta 22:08 maimakon 22:10, an kuma ƙara daƙiƙa huɗu a tsawon. Da gangan ne, kuma a nan iyakar wannan hanya take. Tun da yawancin hotunan bidiyo ba cikakku ba ne, jingine suke da cikakken hoton da ya gabace su, ba za a iya fara sabon fayil daga tsakiyarsu ba. Hoton da ke cewa hannu ya matsa dama ba shi da ma'ana in babu wanda ya nuna hannun tun farko. Don haka yankan da ba ya matsewa dole ya faro daga cikakken hoto. Yadda aka jera umarnin sama, da `-ss` kafin `-i`, manhajar za ta koma baya ta kama cikakken hoton da ya fi kusa. Kyamarar waya takan sa irin wannan hoto kusan kowace daƙiƙa ɗaya, don haka kuskuren ƙarami ne. Amma bidiyon da aka sauko daga intanet, ko wanda mai ɗaukar biki ya tace a kwamfuta ya ba da, tazarar kan yi tsawo, har ta kai hotuna 250, wato daƙiƙa takwas zuwa goma.

Daga nan ne wata matsala da mutane suka sani take fitowa: a buɗe guntu a ji murya na tafiya, hoto kuwa ya tsaya cak ko allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, wani lokaci ma ya fito toka-toka a farfashe kafin ya daidaita. Fayil ɗin bai lalace ba, an faro shi ne daga tsakiyar hotuna masu jingina, na'urar kallo tana jiran cikakken hoto na gaba. Maganin shi ne a koma kan asalin, a matsar da farkon baya da daƙiƙa biyu ko uku, a sake yanka. Gara a ga yarinya tana gyara hijabi kafin ta fara da a ce Basmalarta ta tafi a cikin duhu.

Wani lokaci babu makawa sai an matse, misali in ana son yanka ya faɗa daidai kan kalma, ko za a sa rubutu. A nan abin yi shi ne a rage ɓarna. A yi aikin sau ɗaya, daga asalin fayil, a gama duk gyare-gyare kafin a fitar, kada a fitar a sake shigarwa. A allon fitarwa na CapCut da makamantanta, a bar girman hoto daidai da na asali, a bar yawan hotuna a daƙiƙa yadda yake, 30 in 30 ne, sannan a ɗaga ma'aunin yawan bayanai zuwa sama. Matsewa ɗaya da aka yi da wadataccen ma'auni ido ba ya cika ganinta. Ɗaga bidiyon 1080p zuwa 4K kuwa ba ya ƙara masa komai sai nauyi, domin manhajar ba ta da inda za ta samo bayanan da kyamara ba ta ɗauka ba. Masu iPhone 12 zuwa sama su ƙara lura da launi, saboda wayoyin na ɗaukar bidiyon HDR, kuma manhajar da ba ta iya da shi ba takan fitar da shi a koɗe ko da haske fiye da kima.

Akwai kuma wata al'ada da ta fi kowace ɓarna: a kunna dogon bidiyo a waya, a danna ɗaukar allo, a tsayar in wurin da ake so ya wuce. Abin da ke fitowa girman allon wayar ne ba na bidiyon ba, da baƙin fili sama da ƙasa, wani lokaci har da saƙon da ya shigo yana leƙowa daga sama. Sautin ma yakan raunana.

To, a ce uban nan ya yi komai daidai, yana riƙe da megabait 390 masu kyau. Saura turawa, kuma a nan ne yawancin wahalar ke tashi a banza. In ya buɗe WhatsApp ya zaɓi guntun daga Gallery kamar yadda aka saba, manhajar za ta matse shi kafin ya bar wayar, don ya yi sauƙin tafiya a kan raunin sabis. Maɓallin HD da aka ƙara a 2023 yana rage asarar, amma matsewa ce dai, kuma iyakarsa 720p. Yanka da ake yi a cikin WhatsApp ɗin kanta, da zirin nan da ke fitowa a sama kafin a tura, shi ma ta wannan ƙofa yake bi. Status kuwa ba a magana, komai kyan abin da aka ɗora sai an rage shi, haka Facebook da TikTok suke sake sarrafa duk bidiyon da ya hau kansu.

Mafita tana cikin WhatsApp ɗin. In aka danna alamar haɗa fayil aka zaɓi Document maimakon Gallery, bidiyon zai tafi a matsayin takarda, ba a taɓa shi. Tun 2022 ana iya tura fayil har gigabait 2 ta wannan hanya. Telegram ma tana da zaɓin File mai irin wannan aiki. In mai karɓa yana kusa, Xender ko Quick Share ko AirDrop sun fi, ba sa cin data, haka kebul zuwa kwamfuta ko katin memori.

Sai dai megabait 390 kuɗi ne, a wajen mai turawa da mai karɓa duka, kuma kakar da ke ƙauye da ƙaramar waya da sabis mai ɗaukewa ba lallai ta iya sauke shi ba. Ba aibu ba ne a tura mata matsattsen da zai buɗe mata nan take, ta ji muryar jikarta. Aibun shi ne a goge asalin don a sami fili, a bar wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin abin tarihi, ranar da aka so a kalla a babbar talabijin a tarar fuskar yarinyar ba ta ganuwa. Haka kuma wanda aka turo wa bidiyo ta WhatsApp ya yanka shi da FFmpeg ba zai samu abin da ya fi wanda ya karɓa ba, yankan zai hana ƙarin lalacewa ne kawai. In yana son mai kyau, sai ya koma wurin wanda ya ɗauka ya roƙi asalin.

Mai karatu da ke da dogon bidiyo a wayarsa yanzu zai iya gwadawa kafin ya ajiye mujallar nan: ya duba girmansa da tsawonsa, ya raba ya san megabait nawa minti ɗaya ke ci, ya yanko minti ɗaya da manhajar hotunan wayarsa, ya kwatanta. In lambobin sun yi kusa, manhajarsa ta isar masa, ba ya buƙatar sauke wata. In sun yi hannun riga, to ya bar ta ya koma ga `-c copy`.